Rubutun ɗalibi ya yi kyau, amma babu ɗalibin a ciki: me malami zai iya ganewa da karatu kawai?

Malam_Garba_Hadejia
Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da Hausa a wata kwalejin horar da malamai, kuma akwai abin da ya dame ni a zangon nan. Na ba 'yan aji ɗaya aikin gida, na ce kowa ya rubuta insha'i kan ambaliyar ruwa a garinsu. Na zaɓi batun ne saboda yawancinsu 'yan yankin Haɗeja ne, da Auyo, da Kafin Hausa, da Guri, babu wanda ambaliyar 2022 ba ta taɓa gidansu ko gonarsu ba.

Wani yaro ya kawo mini shafi guda tsaf, babu kuskuren rubutu ko ɗaya. Sakin layi biyar ne, kowanne jimla huɗu. Da na ƙirga kalmomin sai na samu 62, 65, 61, 64, 63. Ya buɗe da cewa ambaliya na ɗaya daga cikin manyan ƙalubalen da al'umma ke fuskanta a duniyar yau. Sakin layi na biyu ya fara da "da farko dai", na uku "bugu da ƙari", na huɗu "har ila yau", na biyar "a ƙarshe". Kowanne ya rufe da jimlar da ke maimaita abin da ya fara da shi. Sunan garinsu sau ɗaya ya fito, a cikin take. Babu kogi, babu shinkafa, babu jinga, babu kwalekwale, babu sunan unguwa.

Zuciyata ta ce ChatGPT ne, injin nan da ke yi wa mutum rubutu, ko wani ɗan'uwansa. To amma ba ni da wata na'ura, idona kawai gare ni. Waɗanne alamu ne malami zai iya dogara da su, kuma har ina suke kaiwa?

UmmuKhalil
Wa alaikumus salam Malam. Wallahi ko ni na san irin rubutun nan. Kana karantawa ba ka da inda za ka sa jan biro, amma in ka ajiye takardar ba za ka iya tuna jimla ɗaya ba.

Sir_Danlami_Zariya
Malam Garba, ka yi haƙuri, amma duk abin da ka lissafa ni nake koya wa yara da hannuna. Turanci nake koyarwa a sakandare, masu shirin WAEC da NECO. Muna ce musu gabatarwa sakin layi ɗaya, hujjoji uku kowacce sakin layinta, sannan kammalawa. Muna ce musu kowane sakin layi ya fara da jimlar da ta ɗauki batunsa, kuma har haddar kalmomin haɗi muke sa su yi. Yaron da ya bi wannan sau da ƙafa shi muke ba maki mai yawa. Yanzu ya shigo kwaleji ya yi abin da aka koya masa, sai a ce inji ne?

Dr_Hauwa_Nazari
Malam Danlami ya faɗi gaskiya, kuma shi ya sa nake raba alamun gida biyu. Tsarin sakin layi biyar ba alama ba ce, tarbiyyar makaranta ce. Abin da ya ja hankalina a labarin Malam Garba shi ne lambobin nan, daga 61 zuwa 65. Ɗalibin da ke bin tsarin jarrabawa yana da hujjoji uku, amma ba ya sanin ukun daidai wa daida. Wadda ya sani sosai sai ta ja layi goma, wadda ya ƙaro don cike gurbi sai ta tsaya a layi biyu. Galibi ma gabatarwarsa ce mai tsawo, don a lokacin yana da kuzari, kammalawar kuma gajeriya, don ya gaji. Wannan hawa da sauka shi ne sawun mutum.

Injin kuwa ba ya gajiya, kuma babu hujjar da ta fi wata taɓa shi. Yadda aka gina shi, a kowane mataki yana zaɓen kalma daga cikin waɗanda suka fi dacewa su biyo baya, bisa ɗimbin rubutun da aka horar da shi da su. Daga baya kuma aka ƙara horar da shi ya riƙa ba da amsa mai tsari wadda ba za ta ɓata wa kowa rai ba. Sakamakon shi ne rubutu na tsaka-tsaki, wanda ke ba kowane batu rabo ɗaya, yana faɗin abin da kowa zai yarda da shi.

Abin da nake yi a aikace abu biyu ne. Na farko, in ɗauki sakin layi ɗaya in ƙirga kalmomin kowace jimla. In na ga 15, 17, 16, 15, sai in duba na gaba, in shi ma haka, to na fara lura. Mutum yakan yi jimla mai kalma 5 ya bi ta da mai 30. Na biyu, in cire sunan garin da ke take in sa wani. In insha'in Haɗeja ya zauna daram a kan Maiduguri ko Lakwaja ba tare da an canza harafi ba, to ba a kan Haɗeja aka rubuta shi ba. Wannan na biyun ya fi ƙarfi a wurina nesa ba kusa ba.

Malam_Garba_Hadejia
Dakta, na gwada yanzu. Na sa Maiduguri, ya zauna. Alhali ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 ɓallewar madatsar Alau ce, ruwa ya shigo gari cikin dare. Tamu kuwa daban take. Kogin Haɗeja ne ke cika, ga ruwan da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Chalawa, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ƙasar kuma shimfiɗe take, sai ruwan ya bazu ya kwanta a gonaki makonni. Duk yaron yankin nan ya san kacala, ya ga samari na cika buhu da ƙasa suna ɗaga jinga. Shi kuwa insha'in cewa ya yi dalilan ambaliya su ne "sauyin yanayi, rashin magudanun ruwa, da zubar da shara barkatai".

Abba_Fasaha
Malamai me ya sa kuke wahalar da kanku? Akwai shafukan da za ka liƙa rubutun su faɗa maka kashi nawa ne na inji. Minti ɗaya an gama.

Dr_Hauwa_Nazari
Abba, tambayar Malam a kan abin da ido ke gani ce. Kuma waɗannan shafukan ba alƙalai ba ne. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya fitar da irin wannan manhaja a Janairun 2023, ya janye ta a Yulin shekarar saboda ba ta cika faɗin daidai ba. A 2023 ɗin dai masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji da insha'in masu jarrabawar TOEFL, mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne, sai manhajojin suka ce fiye da rabin rubutun na inji ne, alhali mutane suka rubuta. Dalili kuwa mai koyon harshe yana amfani da kalmomin da aka saba da jimloli masu sauƙi, wato abin da manhajar ke farauta. Wannan fa da Turanci ke nan. Ga rubutun Hausa ban ga dalilin yarda da su ba sam.

Abba_Fasaha
To na ji. Amma ni dai na gwada da nawa ya faɗi daidai.

Bello_Gwadabawa
Ni alamar da ta fi yi mini aiki ita ce karin harshe. Ina koyarwa a yankin Sakkwato. Yaro na magana da ni yana cewa "wanga", "ya zaka", "yat tahi". In ya yi rubutu a aji yana ƙoƙarin bin daidaitacciyar Hausa, amma dole Sakkwatanci ya leƙo, ko sau biyu a shafi. Ranar da ya kawo mini shafi uku babu "wanga" ko ɗaya, kuma duk ƙ da ɗ da ɓ sun zauna a wurinsu, alhali na san wayarsa ko haruffan ba ta da su, to na san akwai hannun wani. Ban ce lalle inji ba ne, amma ba hannunsa kaɗai ba ne.

Zainab_Aji_Uku
Malamai ku yi haƙuri in sa baki, ni ɗaliba ce. Irin wannan zargi ya taɓa faɗa mini. Tun ina sakandare nake muhawara, kuma a gidanmu rediyo ba ya mutuwa, daga BBC sai DW sai RFI. Kalmomi irin su "taka muhimmiyar rawa" da "masu ruwa da tsaki" da "ɗaukar matakan da suka dace" a bakina suke tun kafin a san ChatGPT. Wani malami ya ja layi ƙarƙashinsu ya rubuta mini cewa ba aikina ba ne, a gaban aji ya faɗa. Sai da na kawo masa littafin da na yi daftari da biro, da gogewa da gyare-gyare, sannan ya mayar mini da makina. Amma 'yan ajinmu ba su daina tsokanata ba har yau. Don Allah in kun yi zargi ku kira mutum gefe.

UmmuKhalil
Sannu Zainab, Allah ya ba ki haƙuri. Wannan ba daidai ba ne ko da a ce zargin gaskiya ne.

Sir_Danlami_Zariya
Kun ga abin da nake faɗa. Kalma ɗaiɗaiku ba hujja ba ce. A Afrilun 2024 wani fitaccen mai zuba jari a harkar fasaha, Paul Graham, ya rubuta a shafin sada zumunta na X cewa in ya ga wata kalmar Turanci mai ma'anar zurfafa bincike a cikin saƙo, to alama ce ChatGPT ya rubuta. 'Yan Najeriya suka yi masa caa, don kalmar ta yau da kullum ce a Turancin makarantunmu da ofisoshinmu. Abin da wani ke gani baƙo a wurinmu ɗan gida ne.

Dr_Hauwa_Nazari
Na yarda, jerin kalmomin da "ke tona asiri" shi ne mafi rauni a cikin alamun. Amma Zainab, bari in tambaye ki. Bayan kin rubuta "masu ruwa da tsaki", kina faɗin su waye?

Zainab_Aji_Uku
E mana Dakta. A wancan rubutun na ce mai unguwa, da masu tura ruwa a kura, da wanda ya haƙa rijiyar burtsatsen yana sayarwa. Har na faɗi yadda kuɗin jarka ke tashi in aka ɗauke wuta kwana biyu.

Dr_Hauwa_Nazari
To nan bambancin yake. Ke kin hau kan kalmar rediyo kin sauka a unguwarku. Rubutun da Malam Garba ke magana a kai ba ya sauka. Jimla gama-gari ce ke bin jimla gama-gari har ƙarshe. Don haka abin dubawa shi ne me ya biyo bayan kalmar. In ya ce ambaliya na jawo asarar dukiya, sai ka duba jimla ta gaba: ta faɗi dukiyar wa, buhu nawa, a wane wata? Ko kuwa ta ce hakan na shafar tattalin arzikin al'umma, wanda maimaici ne da wasu kalmomi?

Akwai kuma jera abu uku-uku. Ku duba misalin Malam: sauyin yanayi, magudanu, shara. In ka bi rubutun za ka ga illoli uku, mafita uku, har sifofi uku a jimla ɗaya. Mutum ma yana yi, amma ba a kowane sakin layi ba.

Alhassan_Zango_Kumasi
Gaisuwa daga Gana. Ni na ji ana cewa injin yana rikita namiji da mace a Hausa, ya ce "gonar ya lalace". Ina roƙon kada a ɗauki wannan alama. Hausarmu ta zango ba ta damu da wannan rabuwar ba, haka muke magana, haka yaranmu ke rubutawa.

Bello_Gwadabawa
Gaskiyarka Malam Alhassan, a nan gida ma ɗaliban da Hausa ba harshensu na farko ba ne haka suke yi. Amma akwai bambanci kaɗan. Mai irin wannan Hausa yana tafiya a kan hanya ɗaya daga farko har ƙarshe. Abin da ke sa ni tsayawa shi ne rubutu mai ƙwarewa, jimloli dogaye masu kyau, sai kwatsam kuskuren da ko ɗan firamare na Kano ba zai yi ba, sannan ya koma ƙwarewa. Ko karin magana da ba a taɓa ji ba. Na taɓa samun "Hausawa na cewa" sai aka kawo wata magana da ko kakata ba ta san ta ba, da ganinta ka san daga Turanci aka juyo ta.

Baba_Mai_Ritaya
'Ya'yana, na yi shekaru ina gyaran insha'i kafin a haifi wasunku. Rubutu marar gishiri ba yau aka fara ba. A da yaro zai haddace insha'i daga littafin shirin jarrabawa, ko wace tambaya aka yi sai ya juye shi. Daga baya aka koma shagon buga takardu a sayo aikin wani. Abin da muke yi a lokacin shi ne mu san hannun kowane yaro. Malam Garba, kana da wani rubutun yaron nan da ya yi a gabanka?

Malam_Garba_Hadejia
Ina da shi Baba, na gwajin farkon zango. Na ɗauko shi ga shi a gabana. Batun ranar kasuwa ne. Sakin layi na farko jimla ɗaya ce mai tsawon kusan kalma 80, "sai muka", "sai ya", "sai aka", babu aya sai a ƙarshe. Na biyu layi biyu ne kacal. Yana haɗe "a kan" da "akan", yana rubuta "kuma" a farkon kusan kowace jimla. Amma a ciki akwai dillalin da ya yi rantsuwa a kan farashin akuya, akwai babur ɗin da ya mace musu a hanya. Wannan na ba shi maki kaɗan saboda ƙa'idojin rubutu, amma na fi jin daɗin karanta shi.

Baba_Mai_Ritaya
To ka ga. Ba tsakanin yaron da inji za ka auna ba, tsakanin yaron da kansa za ka auna. Mutum na iya gyara rubutunsa cikin wata biyu, amma numfashin jimlarsa ba ya canzawa dare ɗaya.

Sir_Danlami_Zariya
Baba, da girmamawa, wannan mai aji 30 ne zai iya. Mai ɗalibai 200 a aji ina zai san hannun kowa? Kuma in yayansa ne ya rubuta masa fa? Ko ya rubuta da Turanci ya sa Google Translate ta juya? Alamun duk za su fito iri ɗaya.

Dr_Hauwa_Nazari
Ba iri ɗaya sosai ba. Wanda aka fassara daga rubutun yaron yakan riƙe bayanansa, za ka ga sunan ƙauye da abin da ya faru, Hausar ce kawai za ta yi tauri. Na yayansa kuma zai ɗauko hawa da sauka irin na mutum. Amma na yarda da kai a babban batun: karatu kaɗai ba ya tabbatar da wanda ya rubuta. Kuma akwai iyaka ta ɗaya ɓangaren. Ɗalibi mai wayo zai iya ce wa injin ya sa sunan Auyo da kacala, ya gajarta wasu jimloli, ya zuba kuskure biyu. Wannan zai wuce ni ban gani ba. Waɗanda muke kamawa da ido su ne waɗanda suka kwafa kai tsaye, shi ya sa ba na son hukunci mai tsanani a kan alamun nan, don marar wayo kaɗai zai faɗa wa.

Hadiza_Maradi
Mu a nan Nijar yara da Faransanci suke rubuta yawancin aikinsu, kuma tsarin da ake koya musu na gabatarwa da jigo da kammalawa ya ma fi naku tsauri. Abin da nake yi, in na yi shakka, sai in ba yaron takardarsa in ce ya karanta mini sakin layi ɗaya da ƙarfi. Mai rubutu ya san inda jimlarsa za ta lanƙwasa, muryarsa na riga idonsa. Wanda bai rubuta ba yana tuntuɓe a kan kalmar da ya ce tasa ce. Sai in tambaye shi ma'anarta cikin natsuwa.

Zainab_Aji_Uku
Malama Hadiza, wasu fa tsoro ne ke sa su in'ina ko da su suka rubuta. Akwai ƙawata da ko sunanta aka tambaye ta a gaban malami sai muryarta ta yi rawa.

Hadiza_Maradi
Haka ne 'yata. Shi ya sa ba a gaban aji ba, kuma ba tambaya ɗaya ba.

Musa_Dan_Fadama
Ni ba malami ba ne, manomi ne a yankin Guri, ƙanena ne ya sa ni a nan. Ina so in ce wa Malam Garba, wataƙila yaron ya san komai amma yana ganin kacala da jinga ba maganar makaranta ba ce. Mu da muka yi boko kaɗan haka aka sa mana a kai, cewa in za ka rubuta sai ka yi manyan kalmomi. In ka tambaye shi yadda ruwa ya ci shinkafarsu zai ba ka labari har ka gaji.

UmmuKhalil
Wannan magana ta Malam Musa ta shige ni. Mu ma muna da hannu, don mun saba ba rubutu mai santsi maki fiye da rubutu mai ɗauke da abin da yaro ya gani.

Malam_Garba_Hadejia
Na gode muku duka. Ga abin da na yanke a kan wannan yaron. Ba zan rubuta masa cewa inji ne ba, don ba zan iya rantsewa ba. Zan auna insha'in da tambayar da na yi: na ce ambaliya a garinku, shi kuma bai kawo garinsu ba, don haka makin ƙunshiya zai yi ƙasa ko wa ya rubuta. Zan kira shi ofis in ajiye takardun biyu a gabansa, ta kasuwa da ta ambaliya, in ce ya ba ni labarin inda ruwa ya fara shigo musu a 2022, sannan ya zauna ya rubuta mini shi a minti 30.

Abin da ban warware ba shi ne na Malam Danlami. Ajina na gaba ya haura mutum 150, ba zan iya kiran kowa ofis ba.

Sir_Danlami_Zariya
Kuma har yanzu ban yarda lambobin 61 zuwa 65 hujja ba ne. Ina da yarinya a aji shida da ke ƙirga layi da rula don kowane sakin layi ya zo daidai, saboda haka take ganin ake so.

Bello_Gwadabawa
Malam Garba, ga masu 150 ɗin, ka sa su yi rabin shafi a aji a makon farko ka ajiye a fayil. Ba sai ka gyara duka ba, sai wanda ka yi shakka a kansa za ka zaro. In ka zauna da yaron ka dawo ka faɗa mana abin da ya rubuta a minti 30 ɗin, ina so in ji ko "sai muka, sai ya" ɗinsa za su dawo.